Na kusa haɗiye wata maƙala gaba ɗayanta

Jiya na kusa yaɗa wata maƙalar mujallar bincike da ta ce shan wani magani yana rage ciwon kai. Taƙaitawar ta burge ni, har na fara kwafa. Sai na ce bari in leƙa sashen hanyar bincike tukuna. Ashe duk waɗanda aka gwada sun sha maganin, babu rukunin da aka bari ba magani don a kwatanta. To ciwon kai ai yakan tafi da kansa! Ta yaya za a san maganin ne ya kore shi? Kuma waɗanda suka daina zuwa a tsakiya, an cire su daga lissafi, alhali wataƙila su ne maganin bai yi wa aiki ba. Na goge abin da na kwafa.