Rinin gashi a cikin sili yake haɗuwa

A ɗan shagona na gyaran gashi, abin da na fi tsananta wa masu koyon aiki a kai shi ne kada su kwaɓa rini su ajiye. Dalilin yana cikin yadda rinin dindindin yake aiki, domin abin da ke cikin kwalinsa ba launi ne da ya gama haɗuwa ba, ƙananan ƙwayoyi ne marasa launi sosai, irin su PPD da rizosinol, waɗanda sai sun shiga cikin gashi suke zama launi.

Kowane silin gashi yana lulluɓe da ɓawo mai hawa-hawa kamar na kifi, a ƙarƙashinsa kuma akwai kotes, wato naman silin, inda melanin mai ba gashi launinsa yake. Lafiyayyen gashi yana da pH, wato ma'aunin tsami, tsakanin 4.5 da 5.5, ɓawonsa a kwance. Amoniyar da ke cikin rinin tana ɗaga pH ɗin haɗin zuwa wajen 10, sai silin ya kumbura, ɓawon ya ɗan ɗago, hanya ta buɗe. Ita ce kuma take tayar da faroksayid, ruwan da ake kwaɓa rinin da shi, wanda ake adana shi da ɗan tsami don kada ya lalace a kwalba. Da faroksayid ya shiga kotes sai ya yi aiki biyu: ya dusashe wani ɓangare na melanin, ya kuma sauya PPD yadda zai haɗu da rizosinol su zama ƙwaya babba mai launi, wadda girmanta ya hana ta fitowa ta inda ta shiga.

A ce mace ta zo da furfura mai tauri a goshi da gefen kunne. Bayan gwajin fata na awa 48, domin PPD yana jawo wa wasu kumburi mai tsanani, nakan haɗa giram 60 na rini da mililita 60 na faroksayid mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, in fara da inda furfurar ta fi yawa, in bar shi minti 45. Idan aka wanke a minti 20, ƙwayoyin ba su gama haɗuwa ba, furfurar za ta fito da launi sama-sama. Idan kuwa haɗin ya jima a kwano har ya yi duhu, to launin ya haɗu a waje, mannewa kawai zai yi a bayan silin, wanki kaɗan zai tafi da shi.

Ba na yarda da ƙara ƙarfin faroksayid zuwa kashi 12 don a rufe furfura, domin yana cin furotin ɗin gashi ya bar ɓawon a buɗe. Irin wannan gashin, haka ma wanda aka miƙar da rilaksa, yana shan rini da sauri, bakinsa ya fi gindinsa duhu, sannan ya koɗe da wuri. Shi nakan rage masa ƙarfin faroksayid zuwa kashi 3, in shafa wa bakin gashin a ƙarshe.