Layin da hatimi ya haɗiye a shafi na 17

Na bar ofishin odita ɗin nan watanni biyu da suka wuce, bayan shekara huɗu. Da aka ce in rubuta wa yaran da na bari abin da na koya, sai na ga yawancinsa ya fito ne daga sitatimen guda ɗaya mai shafi 43.

Na wani Alhaji ne, dillalin hatsi a Dawanau. Banki ya buga masa a takarda, an danna hatimi a ƙasan kowane shafi, yaron shagonsa ya kai wani shagon kwamfuta aka yi sikanin. Abin da ya iso gare mu hotuna ne cikin PDF. Oga ya ce yana son komai a Excel kafin la'asar, domin Alhaji zai zauna da masu karɓar kayansa bashi.

Na bi hanyar da na saba. Na sa OCR, wato manhajar da ke karanto rubutu daga cikin hoto, ya karanta shafi-shafi, kowane shafi da takardarsa a Excel. Ƙa'idata ita ce duk layin da ya fara da kwanan wata sabuwar hulɗa ce, wanda bai fara da shi ba kuwa ragowar bayanin na sama ne, sai a manna masa. Ƙa'idar tana da dalili, domin bayanin tiransifa kan yi tsawo ya gangaro layi biyu ko uku. Sannan na gwada balas: balas ɗin baya, a cire abin da ya fita, a ƙara abin da ya shigo, dole ya ba da balas ɗin wannan layin. A shafuka 43 duk bambancin ya fito sifili. Na ce wa oga saura in haɗa su wuri guda in gwada da jimillar banki. Ya duba agogo ya ce, "Ba ka ce sun daidaita ba? Tura."

Na tura.

Bayan kwana uku Alhaji ya shigo da wani bawan Allah daga Gaidam yana riƙe da rasit ɗin tiransifa na naira 450,000. An ce masa bai biya ba, an hana shi lodi, an yi masa magana mai zafi a gaban mutane. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya ajiye takardar a kan teburina kawai, ya koma ya tsaya a bakin ƙofa.

Ga abin da na gano da na buɗe hoton. Layin ƙarshe da na kama a shafi na 17 yana da balas 1,392,653.75. Layin farko na shafi na 18 cajin banki ne na tiransifa, naira 53.75, kuma balas ɗinsa 1,842,600.00. In ka cire 53.75 daga 1,392,653.75 za ka sami 1,392,600.00. Tazarar da ke tsakani 450,000 ce cif. Layin kuɗin mutumin yana nan a ƙasan shafi na 17, amma hatimin banki ya sauka daidai kan kwanan watansa. OCR ya karanta wurin a matsayin tarkacen haruffa, ƙa'idata ta ga babu kwanan wata, sai ta ɗauke layin gaba ɗaya, da kuɗinsa da balas ɗinsa, ta cusa cikin bayanin layin da ke samansa. Da na faɗaɗa wannan akwatin, sai ga 450,000.00 zaune a ƙarshen bayanin kamar lambar waya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin nawa bai yi ƙarya ba. Kowane shafi ya daidaita da kansa, domin a kowace takarda gwajin yana farawa ne daga layi na biyu, layin farko ba shi da na sama da za a gwada shi da shi. Wato mahaɗa 42 da ke tsakanin shafuka 43 ban taɓa ko ɗaya ba, alhali nan ne hatimi yake, nan ne sikana ke yanke gefen takarda, nan ne bayani ke tsallakawa zuwa shafin gaba.

Oga ya ce wa Alhaji, "Yaron ne ya yi sakaci, za mu ɗauki mataki." Ban ce komai ba. Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma minti goma na roƙa a ranar, kuma ya san da haka.

Tun daga lokacin ba na gwada komai sai na jera dukkan shafuka a takarda ɗaya, daga layin farko zuwa na ƙarshe, da sahu na musamman da ke ɗauke da lambar shafin da kowane layi ya fito. In abin da ya fita yana sahun C, wanda ya shigo yana sahun D, balas yana sahun E, sai in sa wannan a layi na uku in ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(E2-C3+D3-E3,2)
```

Duk inda bai ba da sifili ba, lambar shafin za ta kai ni wurin a hoto. Yanayin kuskuren ma yana magana. In layi ɗaya ne kawai ya ƙi, ko dai an karanta kuɗinsa ba daidai ba, ko wani layi ya ɓace a samansa. In biyu ne a jere, ɗaya da ragi ɗaya da ƙari na adadi guda, to balas ɗin ne OCR ya karanta ba daidai ba, kamar 3 ta koma 8. In tazarar ta ninka kuɗin layin sau biyu, an saka fita a gurbin shiga ko akasin haka.

Na kuma sauya ƙa'idar: ba kwanan wata ke tabbatar da hulɗa ba, adadi a sahun balas ne. Duk layin da ke da lamba a wannan gurbin ba a manna shi da kowa, ko da kwanan watansa ya lalace. Layukan `Balance B/F`, wato balas ɗin da aka ɗauko daga shafin baya, da wasu bankuna ke bugawa a saman shafi ba hulɗa ba ne, amma ba na share su sai na gwada kowanne da balas ɗin ƙarshe na shafin da ya gabata.

Wannan gwajin ma yana da inda ya makance. In tiransifa ta fita ta dawo nan take, kuma layukan biyu suka ɓace tare, balas zai koma inda yake, komai ya fito sifili. Abin da ke kama wannan shi ne `Total Debit` da `Total Credit`, wato jimillar abin da ya fita da ta abin da ya shigo, da banki ke bugawa a farkon sitatimen ko ƙarshensa. A gwada kowanne daban, kada a gwada bambancinsu. Wannan ne gwajin da aka ce in tsallake.

Sauran ƙanana ne. Kada a karɓi sikanin ƙasa da 300 dpi. A ƙirga shafuka da lambobin da ke jikinsu kafin a fara, domin sikana kan ja takarda biyu tare. In akwai hali, a sa mai asusun ya nemi banki ya turo fayil ɗin asali ta imel, a huta da hoto.

Mutumin Gaidam ya karɓi kayansa washegari. Na je Dawanau da kaina na ba shi haƙuri, a kuɗin motata. Ya ce, "Ba komai ɗana, ai takarda ce." Oga bai je ba.