Tsaya, kwanta, birgima: darasin da muka yi da yara yau

Asabar, da dare.

Yau na ware safiyar gaba ɗaya don koya wa yarana biyu abin da za su yi idan gobara ta tashi. Babbar shekararta 6, ƙanenta 4. Na roƙi ƙanena, wanda ɗan kwana-kwana ne, ya zo da kayan aikinsa, domin akwai abin da baki kaɗai ba zai koyar ba.

Mun fara da wutar da ta kama tufafin jiki. Na yanka jan ƙyalle ƙanana, na manna wa kowannensu ɗaya da salatif, na ce wannan ita ce wutar. Kalma uku kawai na ba su: tsaya, kwanta, birgima. Tsayawar ce mai wuya, saboda duk wanda wuta ta kama, ƙafarsa gudu take so. Gudu kuwa fifita wutar yake yi, yana ƙara mata iska. Kwanciyar ma da dalilinta: harshen wuta sama yake yi, don haka yaron da ke tsaye, wutar rigarsa fuskarsa da gashinsa za ta nufa. Idan ya kwanta, ya miƙe ƙafafu, ya rufe fuska da tafin hannu biyu, sai ya yi ta mirginawa dama da hagu, yana danne wurin da ke ci da ƙasa har ta mutu. Ba juyi ɗaya ba. Autana ya juya sau ɗaya ya miƙe yana murna, ƙyallen na nan manne a bayansa. Sai muka sa doka: ba a tashi sai ƙyallen ya faɗi. Na riƙa sauya wurin mannawa, hannun riga, gefen wando, baya, don su gane cewa wurin da wutar take shi ake gogawa a ƙasa.

Da suka iya, sai kawunsu ya jefa musu tambaya: "Idan kuna ɗaki kuka ga hayaƙi ya shigo, me za ku yi?" Su biyun suka zube suna birgima. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kin gani? Kusan duk inda na je haka yara suke yi." Sun ɗauki birgima maganin duk wani abu mai suna wuta. Wannan ruɗanin na iya cinye lokacin tsira, domin a gidajen yanzu da ke cike da soso da roba, daga tashin wuta zuwa lokacin da ɗaki zai gagari numfashi bai fi minti 2 zuwa 3 ba. Yaron da ya tsaya birgima a cikin hayaƙi ya zubar da rabonsa.

Sai muka raba abin gida uku, muka mayar da shi wasa. In na ce "wuta a rigata", su yi birgima. In na ce "wuta a gida", su durƙusa su rarrafa zuwa ƙofa. In na ce "na taɓa abu mai zafi", su ruga wurin babba a sa musu ruwa. Na riƙa cakuɗa su ba tsari, har suka daina kallon juna kafin su motsa. A nan na tuna wa kaina ƙa'idar ƙuna: ruwan famfo mai sanyi yana zuba a kai na minti 20, ba ƙanƙara, ba mai, ba man goge baki, kuma tufar da ta manne da fata ba a fizge ta.

Maganar ƙarƙashin gado ce ta fi taɓa ni. Mun gaya musu cewa hayaƙi sama yake taruwa, iska mai kyau tana ƙasa, shi ya sa ake rarrafe. Sai babbar ta ce, "To Umma, ai ƙarƙashin gado ma ƙasa ne." Hankalinta ya yi aiki daidai, kuma irin wannan lissafin ne ke sa yara da yawa su shige can. Kawunta ya zauna a ƙasa kusa da ita ya yi mata bayani a hankali. Iskar ƙasa ta ɗan lokaci ce, ta isa mutum ya fita ne kawai. Hayaƙin yana cika sama ya riƙa saukowa har ya taɓa daɓe. A cikinsa akwai iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke sa mutum jiri da barci, har ya kasa amsawa ko ana kiran sunansa. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa a gida hayaƙi ne ke gamawa da su kafin wuta ta iso. Ga kuma katifar da ke saman kan yaron, soso ce, in ta kama tana narkewa tana fitar da baƙin hayaƙi mai guba.

Ya kuma gaya mini yadda suke neman mutum a ciki. A cikin hayaƙi mai kauri ko hannunsa ba ya gani. Rarrafe yake yi yana bin bango, yana lalube da hannu sanye da safa mai kauri. An koya musu su duba ƙarƙashin gado da cikin kabad, amma kowane lungu yana cin lokaci, kuma ƙaramin yaro da ya dunƙule a can ƙurya ya yi shiru, hannu na iya wuce shi.

Daga nan ya sa kayansa a gabansu ɗaya bayan ɗaya, yana magana, don su ga shi ne dai. Da ya rufe fuska, numfashinsa ya fara wani irin huci, muryarsa ta canza, autana ya ɓuya a bayana yana riƙe da zanena gam. Kawunsa ne fa, da rana tsaka, ba hayaƙi ba duhu. Idona ya kawo ruwa, don na hango abin da zai yi da a ce da gaske ne. Ba mu tilasta shi ba. Kawun ya durƙusa, ya cire abin fuskar, ya mayar, ya sake cirewa, har yaron ya matso ya taɓa hular. Muka koya musu su ɗaga murya su ce "Ga ni nan!", su yi ta maimaitawa, su nufi mai wannan kayan maimakon su guje shi.

Akwai wani dalilin ɓuya da na fi jin tsoronsa. Yaron da ya yi wasa da ashana wuta ta kama, duka yake tsoro fiye da wutar, sai ya ja bakinsa ya shige ƙarƙashin gado. Na kama hannuwansu na ce, ko ku ne kuka kunna, ku fito da gudu ku faɗa mini, wallahi ba zan dake ku ba. Wannan alkawari sai iyaye sun yi shi tun kafin ranar, kuma yaro ya gaskata.

Da yamma muka gwada fita daga ɗakin kwanansu. Su taɓa ƙofa da bayan hannu tukuna. In ba zafi, su buɗe kaɗan, su rarrafa waje zuwa bakin ƙofar gida inda muka ce nan za mu haɗu, kuma ba komawa ciki ɗauko komai. In da zafi, ƙofa ta zauna a rufe, su toshe ƙasanta da tufa, su je taga su yi ta ihu.

Ban yarda ɗan shekara 4 zai iya duk wannan shi kaɗai cikin dare ba, balle yara na iya sharar barci ƙararrawar hayaƙi na kuka a kansu. Don haka ni da babansu muka raba aiki: shi zai ɗauko babbar, ni auta. Mako mai zuwa za mu sake gwajin bayan sun kwanta, fitilu a kashe.