Idon Hauwa, bakin wani

Wata ƙawata a nan Makka ta ba ni babi na uku na littafin da take rubutawa, ta ce in duba mata abin da ke sa labarin tangal-tangal. Babin a kan wata yarinya ne, Hauwa, da ta iso daga Kano tana neman gidan gwaggonta a Shara Mansur. Da "ta" aka rubuta shi gaba ɗaya: ta sauka, ta tambaya, ta ƙwanƙwasa. Saboda haka a karatun farko na ɗauka kome daga mai ba da labari yake fitowa, kuma ban ga aibi ba.

Sai na tuna rarrabewar da Gérard Genette, wani masanin adabi ɗan ƙasar Faransa, ya yi a 1972, cewa tambayar wa ke magana daban take da tambayar wa ke gani. Na ɗauko biro biyu, ja da shuɗi, na sake bin babin jimla-jimla.

Inda na fara gane kan abin shi ne wannan jimla: "Wata tsohuwa mai hanci irin na babanta ta buɗe ƙofa." Mai ba da labari ya san gwaggo ce, ya ma faɗi sunanta a babi na farko. Me ya sa ta koma "wata tsohuwa"? Domin Hauwa ba ta taɓa ganinta ba, kuma ita ce ta san hancin babanta. Bakin na mai ba da labari ne, amma idon na Hauwa ne. Na ja layi da shuɗi. Haka na yi wa duk wurin da na ga "kamar", "wataƙila", ko warin turaren da ba ta san sunansa ba, don jin wari da jin sauti ma suna cikin abin da ake kira gani a nan.

Gwajin da ya fi yi mini aiki shi ne mayar da "ta" zuwa "na". "Na ga wata tsohuwa" ya zauna daram. Amma a shafi na biyar akwai "Ba ta lura da hawayen da ke idon tsohuwar ba." Gwada ki ji: "Ban lura da hawayen ba." To wa ya gan su a lokacin? Nan marubuciyar ta fice daga kan Hauwa. Na ja da jan biro, wuri huɗu a shafi tara.

Ficewar ba laifi ba ce a karan kanta, marubuta da yawa suna yi da gangan. Matsalar a nan ita ce asirin gwaggon shi ne ƙashin bayan littafin, kuma hawayen sun tona shi da wuri.

Da na nuna mata, sai ta ce, "Yaya, to in goge hawayen?" Na ce ta bar su, ta sa Hauwa ta gan su ta ɗauka hayaƙin turare ne.