Rafali, ruwan sama da ƙarshen kaka: abin da littafina ya nuna mini

A majalisarmu ta ataya a Aboabo da ke Kumasi, idan Asabar ta zo kowa wayarsa ce a hannu, ana gardamar wa zai ci, wa zai sha kashi. Shekara biyu na yi ina zuba kuɗi a kan sunan kulob kawai, kuɗin momo na zirarewa sidi ashirin-ashirin. Wanda ya fara juya mini tunani kawuna ne, wanda ya taɓa busa wasannin yara a Asawase. Ba ya caca, ba ya son ta, kuma ya sha gaya mini haramun ce. Ban taɓa yi masa musu a kan haka ba. Amma ran nan muna kallo tare, minti goma da farawa, rafali ya ɗaga kati a kan wata 'yar ƙeta, sai ya ce, "Ɗana, wannan ya ɗaure kansa. Duk wanda ya sake irin wannan dole ya ba shi, in ba haka ba su cinye shi da baki." Kafin a tashi sai da kati bakwai ya fita.

Washegari na sayi littafin rubutu a Kejetia. Kowane rafalin Firimiyar Ingila na ba shi shafinsa: wasan da ya busa, ƙeta nawa, kati nawa, da mintin da ya fara ɗaga kati. Ana sanar da sunayen rafali kwanaki kafin wasa, saboda haka akwai lokacin dubawa. Na ɗauka na tsinci dami a kala.

Ga yadda damin ya watse. Akwai wani rafali da ya busa wasa 10 a kakar, ya ba da kati 52, wato 5.2 a kowane wasa. Aka ba shi wasan wasu kulob biyu na tsakiyar teburi, kamfanin caca ya sa Over 4.5, wato kati biyar ko fiye, a kan 1.85, ma'ana kowane sidi ɗaya ya dawo maka da 1.85 idan ka ci. Na ga 5.2 ya haura 4.5, na zuba sidi 50 ko tunani na biyu ban yi ba. Aka tashi da kati huɗu na 'yan wasa da ɗaya na koci. Ina ƙirgawa da yatsu na samu biyar, har na miƙe tsaye. Da na buɗe waya sai na ga tikitin ya mutu. A dokar yawancin kamfanoni, katin koci da na wanda ke zaune a benci ba sa shiga lissafi, kuma an rubuta haka a shafin dokoki da ban taɓa buɗewa ba.

Amma babban kuskuren ba nan yake ba. Da daddare na koma shafin mutumin, na bi wasannin ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin goman wasannin hamayya ne na maƙwabta, ɗaya kati 9, ɗaya kati 10. Da na cire su, saura kati 33 a wasa 8, wato 4.1. Ashe mutumin ba mai saurin hannu ba ne. Gogagge ne, shi ya sa ake tura shi wasannin da ke da zafi, zafin wasan kuma ya hau kan sunansa. Wasa goma sun yi kaɗan a yanke wa mutum hukunci. A Satumbar 2024 Anthony Taylor ya ba 'yan wasa katin gargaɗi 14 a wasan Bournemouth da Chelsea, abin da ba a taɓa gani ba a Firimiya. Wasa ɗaya irin wannan, idan ya faɗo cikin goma, yana ƙara wa matsakaicin rafali kusan kati guda cur, kuma kati guda shi ne duk tazarar da ake caca a kanta.

Tun daga nan na canza yadda nake rubutu. Abin da na fi dubawa yanzu shi ne ƙeta nawa rafali ke busawa kafin ya ɗaga kati ɗaya. Wanda ke ba da kati bayan ƙeta huɗu daban yake da wanda sai an yi bakwai, ko da jimillarsu ta zo ɗaya. Sannan ina gwada kowane wasa da abin da kulob biyun suka saba samu a hannun sauran rafali. Idan su biyun sun saba tara kati huɗu, shi kuma ya ba da shida, to wannan biyun nasa ne. Kuma ba na haɗa kakar bara da ta bana kai tsaye, domin umarni na canzawa daga sama. A kakar 2023/24 an ce wa rafalin Ingila su hukunta ɓata lokaci da yi musu tsawa, kati ya yi yawa a hannun kowa, har waɗanda na rubuta a matsayin masu sanyin hali.

Akwai wani abu ƙarami da ke taimakawa. A Firimiya, ɗan wasan da ya tara katin gargaɗi 5 cikin wasa 19 na farko na kulob ɗinsa ana dakatar da shi wasa ɗaya, wanda ya kai 10 zuwa wasa na 32 kuma wasa biyu. Ɗan tsakiya mai tare gida da ke kan kati tara a wasa na 31 yakan janye ƙafa, musamman idan babban wasa na gaba. Sai dai kuma a karanta yadda kamfanin ke ƙirga jan kati. Wasu suna ƙirga shi a matsayin biyu, wasu kuma maki suke bi, katin gargaɗi 10, jan kati 25.

Maganar yanayi kuwa a filin wasa na Baba Yara na koye ta, da ruwa a jikina. Wata Lahadi da damina muna zaune, hadari ya taso daga gabas, kafin hutun rabin lokaci sama ta ɓalle. Ina kallon ɗan baya ya tura ƙwallo ƙasa-ƙasa, ta yi tafiyar taku biyar ta tsaya cak a cikin ruwa, shi da ɗan gaba suka zube a kanta. Daga nan ba wanda ya sake iya haɗa fas uku. Na koma gida da ƙa'ida a kaina cewa ruwa na nufin Under 2.5, wato ƙwallo biyu ko ƙasa da haka, na kuma kai ta Ingila, inda ta ci mini kuɗi sau da yawa. Filayen can suna tsotse ruwa, har jiƙa su ake yi da gangan kafin wasa don ƙwallo ta yi gudu. Yayyafi a irin wannan fili yana ƙara wa ƙwallo sauri, ta kuɓuce wa gola, ɗan baya ya zame. Ruwan da ke kashe wasa shi ne wanda ya kwanta a fili. A lurata, iska mai ƙarfi ta fi ruwa ɓata wasa, domin tana karkatar da kuros da kwana da dogon fas, kulob ɗin da ya dogara da ƙwallon sama sai ya rasa makaminsa. Hasashen kwana uku kafin wasa ba ya mini amfani, na awa ɗaya kafin a take nake dubawa. Ƙari a kan haka, gasarmu ta Ghana da ma ba a cika cin ƙwallaye da yawa ba, don haka farashin Under 2.5 a ƙasa yake tun kafin hadari ya haɗu.

Ƙarshen kaka shi ne inda na ga 'yan majalisarmu sun fi asara, ni ma a ciki. Maganar da ake yi ita ce, "Waɗannan dole su ci, in ba haka ba sun faɗi daga gasar." Gaskiya ne dole su ci, amma me ya kai su bakin rami tun farko? Wata tara suna son ci ba su iya ba. Jama'a su yi ca a kansu, farashin da ya kamata ya zama 2.60 ya sauko 2.00, kai kuma ka saya da tsada. Inda na ga matsin lamba yana fitowa fili shi ne a kati. Kulob biyu masu gudun faɗuwa idan suka haɗu, ana riƙe riga, ana ɓata lokaci, ana kewaye rafali. Waɗanda ba su da abin nema kuwa ba mai son ya ji rauni ana gab da hutu, sai kati ya ragu, wani lokaci raga ta buɗe. Wasan ƙarshe na Alex Ferguson a Mayun 2013, bayan Manchester United ta riga ta ɗauki kofi, 5-5 aka tashi da West Brom. Ko a nan ina jiran jerin 'yan wasa ya fito, domin kocin da ke da wasan ƙarshe na kofi a gabansa zai iya ajiye rabin manyansa. Ranar rufe gasa kuma duk wasanni lokaci ɗaya ake take su, ƙwallo ɗaya a wani gari tana iya mayar da "dole mu ci" ta koma "canjaras ya ishe mu" ana tsakiyar wasa.

Akwai kuma abin da littafi ba ya gani. A Yulin 2021, ranar ƙarshe ta gasar Ghana, AshantiGold ta ci Inter Allies 7-0 a Obuasi, alhali Inter Allies ta riga ta faɗi. Ɗan bayanta Hashmin Musah ya ci gidansu sau biyu da gangan, ya ce ya yi ne don ya ɓata sakamakon 5-1 da ya ji an shirya saboda caca. A 2022 hukumar ƙwallon Ghana ta mayar da kulob biyun rukuni na uku. Tun daga lokacin, wasan ƙarshen kaka da ɓangare ɗaya ba shi da abin rasawa, musamman inda albashin 'yan wasa bai taka kara ya karya ba, ba na taɓa shi ko farashin ya kai me.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in yarda shi ne lissafin 1.85 ɗin nan. Idan Over da Under duka suna kan 1.85, ka yi caca 100 ta sidi goma-goma ka ci 50, sidi 925 za su dawo maka daga 1,000. Ka ci 54, ka samu 999. Sai ka ci 55 kafin ka ga riba, ita ma ba ta kai sidi ashirin ba. Kamfanin ya san rafalin, ya ga hasashen ruwa, ya ga teburi, ya sa su a farashi kafin ni in farka. A kakar da na fi kula da littafin, na yanki tikitin kati 60 na sidi ashirin-ashirin, na ci 31. Fiye da rabi ke nan, amma sidi 1,147 suka dawo daga 1,200.

Na nuna wa Kawu shafin a ƙofar gida bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya tsaya a kan 53 ɗin da na zagaye da jan biro.

"Rafalin ka karanta su daidai," in ji shi. "Wannan fa, wa ya ci shi?"

Na ce, "Kamfani, Kawu."

Ya miƙo mini littafin. A kakar da ta biyo baya tikiti 14 kawai na yanka, duka a wasannin da lissafina ya bambanta da layin kamfani da kati guda ko fiye, bayan na ga jerin 'yan wasa. Sauran Asabar ɗin ina zaune a majalisa da biro, ina rubuta mintin katin farko.