Gwangwanin madarar jariri, a duba gindinsa tukuna

Jiya na je sayen madarar jaririn ƙanwata a wani shago a unguwarmu. Mai shago ya sauko min da gwangwani daga kantar da ke jingine da kwanon rufi, ina karɓa na ji shi da ɗumi kamar an ɗauko daga bakin murhu. Nan take jikina ya yi sanyi, don madarar gari wuri mai sanyi da bushewa take so, zafi da laima kan sa ta dunƙule ta canja wari tun kwananta bai ƙare ba.

Na juya gindin. Kwanan wata iri biyu ne a wurin: MFG ranar da aka yi ta, EXP ranar da za ta daina amfani. Saura wata ɗaya kacal! Abin da ya fi damuna shi ne wata 'yar takarda da aka liƙa daf da wurin, alhali kamfani a jikin ƙarfen yake buga nasa kwanan. Lambar rajistar NAFDAC tana nan, amma lamba ba ta hana kaya lalacewa a hannun mai shago.

Na ce, "Alhaji, a canja min." Ya ce, "Hajiya, ai duk ɗaya ne." Na biyun ma gefensa a lotse yake, ga tsatsa a bakin murfi, iska na iya shiga ta nan. Na karɓi kuɗina na wuce kantin magani mai fanka, na biya ƙari kaɗan. Biro ma na nemo na rubuta ranar buɗewa a murfin, tunda gwangwanin ya ce a ƙarar cikin wata guda.