Ranar da iyaye ke zuwa ganin aikin yara: abin da na koya game da raba wa ɗalibai aiki

Abu mafi girma da na koya a shirya ranar ziyarar iyaye a makaranta shi ne, kalmar "ku taimaka" ba aiki ba ce. Idan malami ya tsaya gaban aji ya ce yara gobe iyayenku za su zo kowa ya taimaka ya nuna aikinsa, to wallahi abin da zai gani washegari shi ne yara biyar masu baki sun mamaye komai, sauran kuma sun jingina da bango suna kallon ƙofa ko mamansu ta iso. Yaro ɗan shekara 9 ko 10 yana iya riƙe aiki sosai fa, amma sai ya san abu uku: a ina zai tsaya, me zai yi ko me zai ce, kuma yaushe zai tashi ya ba wani. In ɗaya cikin ukun nan ya ɓace to aikin ya ɓace.

Bari in ɗauki aji ɗaya in bi shi daki-daki don a ga yadda lissafin yake. A ce aji huɗu na firamare, yara 36, an ware awa biyu, daga ƙarfe 10:00 zuwa 12:00. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce duka 36 ɗin suna bakin aiki lokaci ɗaya, iyaye kuma su zo duk sanda suka ga dama, sai ɗakin ya cika maƙil ba wanda ke jin maganar wani, yaron da aka sa a tebur ya hango babansa ya bar teburin ya tafi, kuma gaskiyarsa ce, wa zai hana shi? Abin da na ga yana yi shi ne a raba ajin gida uku, yara 12 kowane rukuni, a raba lokacin ma gida uku, minti 40 kowanne. A kowane zango rukuni ɗaya yana bakin aiki, rukuni ɗaya yana tare da iyayensa yana zagawa da su, na ukun kuma yana ajin da ke kusa tare da wani malami suna hutawa ko suna zane. Daga 10:00 rukunin farko na aiki, na biyu na tare da iyaye, na uku na hutu. Daga 10:40 na uku ya karɓi aiki, na farko ya tarbi iyayensa, na biyu ya huta. Daga 11:20 na biyu ya karɓi aiki, na uku ya samu iyayensa, na farko ya huta. Sai a takardar gayyata a rubuta wa kowane gida lokacin ɗansu, ba wai kawai "daga goma zuwa sha biyu" ba. Da haka gidaje kusan 12 ne kawai a ɗakin lokaci guda, mutum na iya jin abin da yaro ke faɗa ba sai ya ɗaga murya ba.

Su yara 12 da ke bakin aiki ga yadda nake raba su. Biyu a ƙofa, ɗaya yana gaisuwa yana nuna wa baƙi ta inda za su fara, ɗayan yana riƙe da rajista da biro yana sa alama gaban sunan yaron da iyayensa suka zo. Takwas a tebura huɗu, bibbiyu, teburin lissafi, na rubutu, na kimiyya, da na zane da aikin hannu. Ɗaya mai agogo da ƙararrawa, zai kaɗa sau ɗaya idan saura minti biyar, ya kaɗa sau biyu idan lokacin canji ya yi. Na sha biyun kuma shi ne mai cike gurbi, kuma wannan aikin mutane ke raina wa alhali shi ke riƙe da ranar, domin dole wani uba ya makara ya zo lokacin da ɗansa ke kan tebur, dole wata ta ce tana son zuwa ban ɗaki, to mai cike gurbi ne zai shiga wurin nan take. Shi ya sa yaron da zan ba wannan aikin sai wanda ya zagaya duka teburan a lokacin gwaji, ba wanda na rasa inda zan sa shi ba.

Dalilin sa yara bibbiyu a tebur ba don ado ba ne. Ɗaya yana magana ɗaya yana nunawa da hannu, bayan baƙi uku ko huɗu su yi musanya. Yarinya mai kunya da ba ta iya buɗe baki gaban manya, idan ta fara da nunawa tana jin abokiyarta tana maimaita bayanin sau huɗu, in juyinta ya zo bakinta ya riga ya saba da kalmomin. Kuma na daina yarda da raba aiki ta hanyar "wa ke so?", saboda hannayen da ke tashi kullum su ne dai, yaron da ya fi bukatar a gan shi yana yin wani abu da kyau shi ne ba zai ɗaga hannu ba. Gara in ba kowa ya rubuta ayyuka biyu da yake so a 'yar takarda, ni in zauna in daidaita.

Sai kati. Kowane yaro ina ba shi ƙaramin kati na kwali da layi uku kacal, wurinsa, aikinsa, da sunan wanda zai karɓe shi. Misali na mai teburin kimiyya zai ce: tebur na uku kusa da taga, ki nuna tsiro biyun ki faɗi bambancinsu, da ƙararrawa ta biyu ki miƙa wa wance. Ba na rubuta musu jawabi su haddace, don yaron da ya haddace jawabi in aka katse shi da tambaya sai ya koma farko ko ya yi tsit. Abin da muke gwadawa shi ne amsa tambaya uku da bakinsa: me muka yi, me muka gani, me ya ba mu wahala.

Teburin kimiyyar nan misali ne mai kyau na irin abin da ya kamata a baje. Yaran sun shuka iri ɗaya a gwangwani biyu rana ɗaya, ruwa daidai, ɗaya a bakin taga ɗaya a cikin kabad mai duhu, suna auna tsawo da rula suna rubutawa. Na cikin duhun yakan zuƙe ya yi tsawo siriri, ganyensa ƙanana ya yi fari-fari ko ɗorawa, na taga kuma gajere ne amma kore shar kuma da ƙarfi. Iyaye da yawa in suka gani za su ce ai dogon ne ya fi lafiya, sai ka ji yarinya ta ce "a'a Baba, neman haske yake yi shi ya sa ya miƙe, taɓa ka ji ba shi da ƙwari". A nan uba zai gane 'yarsa ta fahimci abin, ba sai malami ya faɗa masa ba, gani ya kori ji. Amma fa irin wannan yana bukatar a fara shi sati biyu zuwa uku kafin ranar, shi ya sa nake cewa a fara tsara ranar daga abin da za a nuna, a ƙirga baya.

Wajen da na fi damuwa da shi shi ne bangon da ake liƙa aikin kowa. Idan aka zaɓi mafi kyau guda goma aka liƙa, to gidaje 26 sun zo kallon 'ya'yan wasu kenan. Idan kuma aka liƙa na kowa da maki a jiki da jan biro, to an mayar da bangon wurin tonon asiri, kuma na san akwai yaran da za su sha faɗa tun kafin su fita daga harabar makaranta. Abin da ya fi shi ne kowane yaro ya zaɓi aiki ɗaya, a liƙa na farkon zangon karatu da na yanzu gefe da gefe, ba maki, a ƙasa ya rubuta layi ɗaya da hannunsa kan abin da ya canja, kamar "da ba na barin fili tsakanin kalmomi". Yaron da ke can baya a aji ma yana da abin nunawa in aka gwada shi da kansa na watannin baya. A liƙa su daidai tsayin yaro yadda yatsansa zai kai, a jera da haruffan suna don kada jerin ya zama na wa ya fi wa. Kuma don Allah malami ya bar hannunsa, kada ya gyara rubutun ko ya sake zana hoton da daddare, iyaye sun san rubutun 'ya'yansu.

Gwaji kuwa sai an yi shi da mutane na gaske, kwana biyu kafin ranar, a gayyato wani aji su zo a matsayin iyaye, a kunna agogo a yi zango ɗaya cikakke har da canji. A nan ake gane matsala. In ka ga layi ya taru a ƙofa to rajistar ce ta yi tsawo, a rage ta zuwa sa alama kawai. In ka ga mai tebur yana waige-waige yana neman malami da ido, to bai gane abin da ke gabansa ba, a sake zama da shi ko a canja masa tebur. In canji ya ɗauki fiye da minti biyu, yawanci yaran ba su san fuskar wanda zai karɓe su ba ne ko ba su san cewa ba a tashi sai mai karɓa ya iso. Malami kuma a lokacin gwajin ya koyi yin shiru, ya tsaya a kusurwa, don ranar kanta iyaye za su yi ta jan shi gefe suna tambayar halin 'ya'yansu, ba zai samu damar ceto kowane tebur ba. Gara ma a faɗa a takardar gayyata cewa maganar sakamako da ɗabi'a tana da nata lokacin daban.

Akwai yaron da ba wanda zai zo masa, kusan kowane aji akwai, wani iyayensa na wurin aiki, wani ba su da lafiya, wani maraya ne. Minti 40 ɗin rukuninsa zai yi masa tsawo ƙwarai in yana tsaye shi kaɗai gaban aikinsa. Shi ya sa takardar gayyata take da ɗan yanki a ƙasa da za a yanke a dawo da shi, za mu zo ko ba za mu samu zuwa ba, kuma a rubuta cewa yaya ko kaka ko kawu ma ya isa. Waɗanda suka rage sai in haɗa kowannensu da babba ɗaya tun kafin ranar, hedimasta ko malamar wani aji ko mai kula da laburare, in faɗa wa yaron a keɓe cewa malama wance za ta zo ganin aikinka ƙarfe 10:40, in kuma faɗa wa malamar sunansa da inda aikinsa yake. Mai rajista a ƙofa shi ma yana taimakawa a nan, minti goma da fara kowane zango zai kawo min takardar in duba sunayen da ba alama, waɗanda suka ce za su zo amma ba su iso ba, sai in tura musu ɗaya daga cikin malaman da na ajiye domin haka.